Yadda Ake Tsara Gajeruwar Waƙar Taya Aboki Murnar Kammala Karatu Ba Tare da Ta Koma Wa'azi Ba

Duk wanda ya taɓa ɗaukar alƙalami domin ya rubuta wa abokinsa baitocin taya murna ya san abin da yake faruwa a baiti na uku. Baiti na farko yakan fito da barka, na biyu ya fito da yabo, sai na uku ya zo da "ka riƙe gaskiya, ka ji tsoron Allah, ka bar girman kai", kuma daga nan har ƙarshe marubucin ya hau mumbari. Wannan ba laifin mutum ɗaya ba ne. Rubutacciyar waƙar Hausa ta yi ƙarfi ne a hannun malamai, musamman tun zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a farkon ƙarni na 19, lokacin da aka riƙa amfani da ita wajen karantar da jama'a da yi musu gargaɗi, saboda haka kunnenmu ya saba da jin baiti yana horo ko yana hani. Wa'azi yana da muhallinsa da masu yin sa, amma walimar abokinka ba ta rasa su ba, domin akwai kawu, akwai limamin unguwa, akwai tsohon malaminsa, kuma kowannensu zai yi nasiha kafin a raba abinci. Abin da babu wanda zai iya kawowa sai kai shi ne shaida, wato abin da ka gani da idonka a shekarun da ya yi yana wannan karatu. A kan wannan za a gina waƙar, kuma zan bi matakan da misalin wadda na tsara wa wani abokina tela, wanda ya yi digirinsa yana ɗinki.

Mataki na farko: san wurin da za a karanta ta

Kafin ka rubuta ko da ɗango ɗaya, ka tambayi wanda yake shirya taron abu uku: a ina za a yi, su wa za su zauna, kuma yaushe za a ba ka dama. A babban bikin yaye ɗalibai na jami'a ba a ba aboki abin magana, don haka waƙarka ta walima ce, a tsakar gida ko ƙofar gida ko wani ɗan ɗakin taro, inda iyaye da ƙanne da maƙwabta suke zaune tare da abokan karatu. Wannan yana yanke maka hukunci a kan irin barkwancin da zai shiga. Abin da zai sa 'yan ɗakinku na makaranta su fashe da dariya yana iya sa mahaifinsa ya sunkuyar da kai.

Akwai kuma batun lokaci, wanda mutane suke yawan mantawa. A jami'o'in Nijeriya ba kullum bikin yaye yake biyo bayan jarrabawar ƙarshe nan da nan ba, wani lokaci ma akan haɗa ɗaliban shekara biyu ko uku a yaye su rana ɗaya. Ke nan mai yiwuwa abokinka yana jiran a tura shi bautar ƙasa, mai yiwuwa yana cikinta, mai yiwuwa kuma ya gama ya dawo gida yana neman aiki. Idan ka rubuta baitin da yake yi masa bankwana zuwa sansanin horo alhali ya dawo tun bara, ka nuna wa jama'a cewa waƙar ba tasa ba ce. Haka nan rigar yaye, wadda galibi haya ake karɓa daga makaranta a mayar: in za ka ambace ta kamar tana jikinsa, ka tabbata za ta kasance a jikinsa a lokacin. Walimar abokina da yammacin ranar bikin aka yi, rigar da hular suna nan, shi ya sa na buɗe da rigar.

Tsawon waƙar kuma kada ya wuce baiti shida zuwa takwas masu ɗango biyu-biyu. Tawa baiti bakwai ce, ɗango goma sha huɗu, kuma in an karanta a tsanake da ɗan tsayawa tsakanin baitoci ba ta kai minti biyu ba. Mutanen da suke jin ƙamshin shinkafa daga madafa ba za su ba ka fiye da haka da zuciya ɗaya ba.

Mataki na biyu: tara abin da ka gani

Ka ɗauki takarda ka rubuta, da zube ba da waƙa ba, duk abin da ka tuna game da karatun nan nasa wanda ido ya gani ko kunne ya ji. Sharaɗin shi ne kowane abu ya zama mai suna, wanda za a iya nunawa da yatsa. "Ya sha wahala" ba ya cikin lissafi, domin kowane ɗalibi ya sha wahala. "Yana hadda keken ɗinki yana ƙara" yana ciki, domin nasa ne shi kaɗai.

Ga abin da ya fito a takardata. Yana zuwa aji da rana, ya wuce shago da yamma. Yana jingina littafi a gefen keke yana karantawa, ga ƙarar keke ga ta janaretan maƙwabta. Karatun shekara huɗu ne a takarda, amma kullen korona da yajin aikin malaman jami'a na 2020, sannan wani yajin na wata takwas a 2022, suka mayar da shi shida. Bayan sallar asuba ba ya komawa barci. Mahaifiyarsa ba ta taɓa barinsa ya fita ba tare da ta gyara masa zaman hula ba. Ta taɓa kwashe adashenta ta biya masa kuɗin rajista. Ya taɓa faɗuwa wani kwas ya maimaita. Ya taɓa cewa zai bar karatun.

Daga nan sai tacewa, kuma a nan ne ake gane aboki na gaske. Kowane abu ka yi masa tambaya ɗaya: in an faɗe shi a gaban mahaifinsa da surukansa na gobe, zai yi murmushi ko zai so ƙasa ta tsage ya shige? Kwas ɗin da ya maimaita ya fita nan take. Batun adashe ya fi ba ni wahala, domin shi ne ya fi taɓa zuciya, har na rubuta masa baiti, amma na cire shi, saboda sirrin gida ne, kuma bayyana shi a taro tamkar sanar da jama'a ne cewa gidan ya taɓa shiga matsi. Na bar wa mahaifiyar hular, wadda take nuna ƙaunar ba tare da ta tona asiri ba. Abu huɗu ko biyar da suka tsira daga wannan tacewa sun isa waƙa.

Mataki na uku: gane wa'azi tun yana nesa

Wa'azi yana da alamomin da ake gani a nahawu, kuma wannan sa'a ce, domin ana iya farautarsu da jan biro. Alama ta farko ita ce umarni da hani: ka yi, ka bari, kada ka, dole, lallai, ya kamata. Ta biyu ita ce manyan kalmomin da ba su da jiki, irin su ilimi, haƙuri, duniya, rayuwa, nasara, idan suka tsaya a matsayin masu aikata aiki a jimla. Ta uku ita ce karin maganar da kowa ya haddace, kamar "ilimi gishirin zaman duniya" ko "mahaƙurci mawadaci". Karin magana ba ta da aibi, amma a wannan muhalli tana ɗauke waƙar daga kan mutum ɗaya ta shimfiɗa ta a kan kowa, kuma da zarar ta zama ta kowa, mai walimar ya daina jin da shi ake.

Maganin ba gogewa kawai ba ne, juyawa ce. Duk nasihar da ta zo maka, ka tambayi kanka ko abokin nan ya riga ya aikata ta, kuma kusan kullum za ka tarar ya aikata, in ba haka ba da bai kai ga wannan rana ba. Sai ka mayar da umarnin labari. A daftarina na farko na rubuta cewa ya dage, kada ya karaya in abu ya yi tsanani. Da na duba sai na ga ina gaya wa mutumin da ya jure shekara shida yana ɗinki yana karatu abin da shi ya kamata ya koya mini. Na juya shi ya zama: bayan sallar asuba, sai ga ka a tebur ka fara. Ma'anar ba ta sauya ba, har yanzu ana maganar dagewa, amma yanzu shi ne misalin, ba shi ake yi wa darasin ba, kuma ƙannensa da suke zaune a tabarma sun ɗauki darasin ba tare da an kira sunansu ba.

Akwai tarko ɗaya a rubutun boko da ya kamata a kula da shi a nan. Kalmar "ka" ta labarin abin da ya wuce da "ka" ta umarni iri ɗaya ake rubuta su, bambancinsu a ja da karin sauti yake. "Ka tara guzuri" yana iya zama yabo, yana iya zama horo, gwargwadon yadda aka furta. Idan kai za ka karanta da bakinka, ka san wadda kake nufi, amma in za a tura waƙar a waya wasu su karanta, sai ka sa wata kalma da za ta rufe ƙofar shakka. Ni "tuni" na sa: tuni ka tara. Ba a umartar mutum da "tuni".

A ɗaya gefen hanyar kuma akwai wani rami, wato kirari. Mai gudun wa'azi yakan faɗa cikin zuga, ya kira abokinsa zaki, giwa, gagara-gasa, hasken zamani. Wannan aikin maroƙa ne, kuma sun fi ka iyawa. Daga bakin aboki yakan zama ko dai abin dariya ko abin kunya. Haka nan habaici ga waɗanda suka ce ba zai gama ba: ko da gaskiya ne an faɗa, mai yiwuwa wanda ya faɗa yana zaune a wurin da kwanon abinci a gabansa, kuma ba ka zo ɓata wa kowa walima ba.

Addu'a fa? Addu'a ba wa'azi ba ce, domin ba abokin ake umarta ba, Allah ake roƙo a madadinsa, kuma taron Hausawa ba ya jin an rufe magana in babu ita. Ɗango ɗaya a ƙarshe ya wadatar. Bisimilla da salati da gaisuwar manya, waɗanda dogayen waƙoƙi suke buɗewa da su a cikin baitoci, ka yi su da bakinka kafin ka fara karantawa, domin waƙa mai baiti bakwai ba ta da filin da za ta ba su biyu.

Mataki na huɗu: zaɓi amsa-amo kafin ka fara gini

Tsarin da ya fi sauƙi shi ne ƙwar biyu, wato kowane baiti ɗango biyu, kuma ɗango na biyu na kowane baiti ya ƙare da gaɓa iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Ɗangon farko a sake yake, yana iya ƙarewa da komai. Kuskuren masu farawa shi ne su rubuta baitin farko da duk abin da ya zo, sannan su tarar sun ɗaure kansu da gaɓar da ba ta da 'yan'uwa. Hanyar da ta fi ita ce ka duba takardar abubuwan da ka tara, ka ɗauki kalmar da ta fi zama ta abokinka, ka ga ko ƙarshenta yana da dangi. Tawa "allura" ce. Na jera kalmomin da suke ƙarewa da "ra" waɗanda suke da alaƙa da labarinsa: ƙara, jira, fara, gyara, tara, saura, ɗaura, kira. Da na ga har da allurar sun kai guda tara alhali baiti bakwai nake bukata, na san gaɓar za ta ɗauke ni.

Kada kalma ɗaya ta zama amsa-amo sau biyu a gajeruwar waƙa, domin kunne yana kamawa, kuma yana jin kamar marubucin ya ƙare da kaya. Wannan ya same ni. Baiti na biyu da farko ya ƙare da "littafi kan kayan gyara", ina kuma son sa, amma da baitin mahaifiyar ya zo da "in ɗan gyara", dole ɗaya ya sauka, kuma na mahaifiyar ya fi nauyi. Na koma na biyun na sa "ƙara".

Sannan ka saurari abin da kalmar take nufi a bakin mutane, ba a ƙamus kawai ba. Na so in rufe da "Allah ya ƙara", ina nufin ya ƙara ɗaukaka, kuma ya zauna daidai a amsa-amo. Amma kowane Bahaushe ya san "Allah ya ƙara" tsurarta abin da ake gaya wa wanda ya jawo wa kansa wahala ne. Da na karanta ta a taro, da dariyar da za a yi ba irin wadda nake nema ba ce.

Mataki na biyar: kari

Wannan shi ne matakin da yake tsorata mutane, alhali kunnen duk mai jin Hausa ya riga ya san shi. Gaɓoɓin Hausa iri biyu ne. Akwai mai nauyi, wadda take ƙarewa da baƙi kamar "san", ko da dogon wasali kamar "ri" a cikin "riga", ko da tagwan wasali kamar "yau". Akwai kuma sassauƙa, mai gajeren wasali, kamar "ci" a cikin "cikin". Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, saboda haka ba a auna kari da ido, sai an furta.

Karin da na ɗauka shi ne wanda masana aruli suke kira Mutadarak, kuma na ɗauke shi ne don yana da sauƙin bugawa da hannu. Kowane ɗango taku huɗu ne. Kowane taku ko dai gaɓa biyu masu nauyi, "dan-dan", ko kuma sassauƙa biyu da mai nauyi ɗaya, "da-da-dan". Gaɓar ƙarshen ɗango ana ɗaukarta mai nauyi ko yaya take, domin murya tana tsayawa a kanta. Ga ɗangon farko a yanke: yau ga / ka cikin / babbar / riga. Wato dan-dan, da-da-dan, dan-dan, dan-dan. Ka buga tebur sau huɗu kana faɗa, za ka ji kowane bugu ya faɗa a wurinsa.

Daga wannan tsari wata ƙa'ida mai amfani take fitowa: a wannan kari sassauƙar gaɓa ba ta tafiya ita kaɗai, kullum su biyu ne a jere. Duk inda ka ji harshenka ya yi tuntuɓe, nemi sassauƙar da ta maƙale tsakanin masu nauyi biyu. Ɗango na biyu da farko "wani ne ya ɗinka maka ita" na rubuta, ma'anar ta yi, amma bakina yana sarƙewa a tsakiya. Dalilin shi ne "ya" sassauƙa ce, ta zauna ita kaɗai tsakanin "ne" da "ɗin". Da na mayar da shi "wani ne ya saka mata allura", sai "ya" ta sami abokiyar tafiya a "sa", aka sami wani ne / ya saka / mata al / lura, kuma amsa-amon ya zo da kansa.

Idan ka gwada wannan ya gagara, kada ka tilasta wa kalmomi, kana jan wasalin da ba a ja ko kana datse wanda ake ja, domin hakan ya fi karyewar kari muni a kunne. Gara ka sauya kalmar gaba ɗaya. Hausa tana da ƙananan kalmomi irin su dai, ma, kuma, ai, har, waɗanda suke cike gurbi, amma ɗaya a baiti ta isa, in sun yi yawa ana gane ciko ne.

Mataki na shida: jera baitocin

Ga waƙar yadda ta tsaya bayan gyare-gyare:

Yau ga ka cikin babbar riga,
Wani ne ya saka mata allura.

Rana a aji, sannan keke,
Hadda a cikin tsananin ƙara.

An ce huɗu ce, sai ga ta shida,
Yajin aiki, kulle, da jira.

Amma bayan sallar asuba,
Sai ga ka a tebur ka fara.

Ga Inna tana kallon hula,
Ta ce, "Zo nan in ɗan gyara."

Ban san me za ka tarar gaba ba,
Amma guzurin tuni ka tara.

Duk inda ka sauka muna tare,
Allah ya cika maka duk saura.

Jerin yana da dalili. Baitin farko yana farawa da abin da kowa yake kallo a lokacin, da ɗan barkwancin da ba ya cizo, wato tela sanye da rigar da ba shi ya ɗinka ba. Dariyar farko tana kwance wa mai karatu da masu sauraro ɗaurin ƙirji. Baiti na biyu zuwa na huɗu suna komawa baya, kuma wahalar tana zuwa ne da sunayenta, ba a ce "wahala" ko sau ɗaya ba. A baiti na uku ban ambaci "shekara" ba, domin duk wanda yake wurin ya ƙirga shekarun nan tare da shi, kuma barin mai sauraro ya cike gurbi da kansa yana jawo shi cikin waƙar. Baiti na biyar yana dawo da mu tsakar gida, ya ba mahaifiyar rabonta. Na iya rubuta shi tun kafin ranar saboda na san halinta, amma in ba ka da tabbacin irin wannan, ka sa abin da ya riga ya faru.

Baiti na huɗu ya taɓa zama "amma in an yi kiran salla, sai ga ka a tebur ka fara". Karin daidai yake, kuma na karanta shi sau da yawa ban ga komai ba, sai da na karanta wa ƙanwata ta tambaye ni ko nufina ana kiran salla shi yana zaman karatu. Wannan shi ne amfanin karanta wa mutum ɗaya kafin taro, musamman wanda bai san abin da kake nufi ba sai abin da ka faɗa.

Ƙarfafa gwiwar duka tana baiti na shida, kuma a nan ne aka fi zamewa. Jarabar ita ce ka yi alkawarin abin da ba ka da iko a kai, ka ce aiki yana jiransa, ƙofofi za su buɗe. Shi da ya ga yayyensa da takardunsu a cikin akwati ya san ba lallai ba ne, kuma alkawarin da mai ji bai yarda da shi ba ba ya ƙarfafa kowa. Shi ya sa ɗangon ya fara da amincewa cewa ban san abin da yake gaba ba, sannan ya faɗi abin da na sani tabbas, wanda baitoci huɗun da suka gabata suka riga suka kafa hujjarsa. Kalmar "guzuri" tana ɗauke da digirin da sana'ar da juriyar duka, ba tare da an lissafa su ba. Baitin ƙarshe kuma alkawari ne wanda yake hannuna in cika, sai addu'a.

Idan ƙawa ce ko 'yar'uwa, yawancin sauyin ba ya taɓa kari: "ga ka" ya koma "ga ki", "za ka" ya koma "za ki", "maka" ya koma "miki", "ka fara" da "ka tara" su koma "kin fara" da "kin tara", domin nauyinsu ɗaya. Wuri ɗaya ne yake karyewa, wato "duk inda ka sauka", saboda na mace "kika" ne, gaɓa ta ƙaru, sassauƙa sun zama uku a jere. A nan sai a ce "duk inda ya kai ki muna tare", guzurin baitin baya ya zama shi ne mai kaiwa. Sauran baitocin kuwa, na keke da hula, ba za su yi wa kowa aiki ba sai mai su, dole ka koma takardarka ka ɗebo nata.

Mataki na bakwai: karantawa

Ka yanke shawara tun a gida ko rerawa za ka yi ko karantawa. Rubutacciyar waƙar Hausa don rerawa aka san ta, kuma wannan kari yana karɓar murya da kyau, amma in ba ka saba ba, karatu a tsanake ya fi rerawar da murya take rawa. Ka maimaita a bayyane sau biyar ko shida har bakinka ya san inda numfashi yake, ka ɗauki muryarka a waya ka saurara sau ɗaya, domin a nan za ka ji inda kake gudu. Ka rubuta ta da hannu a takarda mai kyau, da manyan haruffa, maimakon karantawa daga waya, wadda allonta yakan mutu ko kira ya shigo ana tsakiyar baiti.

Ka roƙi mai gabatarwa ya sa ka bayan jawabin manya, kafin addu'ar rufewa da rabon abinci. In ka riga manya, ka yi azarɓaɓi, in kuma ka biyo bayan abinci, da cokula za ka yi gasa. Gabatarwarka kada ta wuce sallama, gaisuwa ga iyaye da malamai, da jimla ɗaya mai cewa ga wasu 'yan baitoci da ka tsara wa abokinka. Kada ka ba da haƙuri cewa kai ba mawaƙi ba ne, kada kuma ka yi bayanin abin da waƙar take nufi, kafin ko bayan.

Bayan baitin farko ka dakata, domin za a yi dariya, kuma in ka ci gaba a cikinta baiti na biyu ya ɓata. A baitin mahaifiya ka dube ta, ba takarda ba, amma in ka san mai kunya ce ƙwarai, musamman in ɗan fari ne wanda ba ta ko kiran sunansa, kallo ɗaya ya isa, kada ka nuna ta da hannu. A baiti na shida ka rage sauri ka dubi abokin. Ɗangon ƙarshe addu'a ce, jama'a za su amsa da amin, saboda haka ka tsaya cak ka bar su su amsa, sannan ka ninke takardar ka miƙa masa a hannu, da kwanan watan a rubuce a ƙasanta, ka koma wurin zamanka.